Tambayoyi da amsoshi kan taƙaita babin hukuncin shari'a a darasin Usulul Fiƙihu

Waɗannan tambayoyi ne da ɗaliban jami'a a nan Damagaram ke yawan maimaitawa duk lokacin da malami ya ba su babi daga Usulul Fiƙihu ya ce a taƙaito shi zuwa ta'arifi, kashe-kashe da misalai. Mun ɗauki babin hukuncin shari'a ya zama abin gwaji, don da shi ake yawan farawa, kuma wanda ya iya taƙaita shi sauran babobin ba za su ba shi wuya sosai ba.

1. Me malami yake nufi in ya ce a taƙaita babi? Rage tsawonsa kawai?

A'a. In ka bi babin kana tsallake layi biyu kana kwafe ɗaya, ka rage tsawo amma ba ka taƙaita ba. Abin da ake nema shi ne ka fitar da abubuwa uku daga cikin dogon bayanin mai littafi: ma'anar kowace kalmar fanni da iyakokinta, yadda aka kasa ta da abin da aka duba wajen kasawar, sai misalin da ke nuna cewa ma'anar tana aiki. Muhawarori masu tsawo, sunayen duk wanda ya faɗi ra'ayi, da hujja ta uku da ta huɗu a kan magana guda, su ne abin zubarwa. Babi mai shafi ashirin zuwa talatin yakan koma shafi uku ko huɗu na rubutun hannu. In ya wuce shida, akwai kwafe a ciki. In bai cika biyu ba, yawanci an yar da ƙaidoji, wato kalmomin da ke iyakance ma'ana, kuma wannan ya fi muni (duba tambaya ta 3).

2. Ta ina zan fara?

Kar ka ɗauki alƙalami a karatun farko. Karanta babin daga farko har ƙarshe don ka ga inda mai littafi ya dosa da mazhabar da yake bi. A karatu na biyu ka sa alama iri uku a gefen shafi, ɗaya ga ta'arifi, ɗaya ga duk inda aka ce "ya kasu", ɗaya ga misali. Daga nan ka zana rassan babin a takarda guda: hukunci a sama, taklifi, wato neman aiki ko bari ko ba da zaɓi, da wad'i, wato ajiye wani abu ya zama alama ga wani, a ƙarƙashinsa, sannan rassan kowanne. Sai zanen ya tsaya daidai ne za ka soma rubutu. Karatu na uku bayan ka gama ne, kana riƙe da taƙaitawarka kana neman abin da ya ɓace.

3. Zan iya rubuta ta'arifi da kalmomina, ko dole sai na kwafe shi yadda yake?

Ta'arifi shi ne wurin da ba a yi wa ragi. Malaman Usulu suna cewa hukuncin shari'a shi ne zancen Allah da ya rataya da ayyukan mukallafai, wato baligai masu hankali, ta hanyar nema, ko ba da zaɓi, ko ajiye wani abu ya zama alama ga wani. Kowane yanki a nan ƙaidi ne, kuma yana da abin da yake tsarewa. "Zancen Allah" ya fitar da umarnin sarki ko na uba. "Da ya rataya da ayyuka" ya fitar da ayoyin da ke magana kan zatin Allah ko halittar sammai da duwatsu. "Nema" ya ɗauko hukunci huɗu a lokaci guda, domin ana neman a yi ko a bari, kuma kowanne ko dai a kan tilas ko ba tilas ba. "Ba da zaɓi" ya shigo da mubahi. Yanki na ƙarshe shi ne ya shigo da sababi, sharaɗi da mani'i.

Dubi abin da ke faruwa in ɗalibi ya rubuta "hukunci shi ne umarnin Allah ga bayinsa". Jimlar ta yi daɗi a baki, amma mubahi ya faɗi, don ba umarni ba ne, kuma duk hukuncin wad'i ya faɗi tare da shi. Rabin babin ke nan ya ɓace a layin farko. Don haka ka rubuta ta'arifin cikakke da lafazin littafin da ake karantar da ku, sannan a ƙasansa ka ba kowane ƙaidi rabin layi: me ya shigar, me ya fitar. A waɗannan rabin layukan ne kalmominka ke da wuri.

Gwajin ta'arifi kuwa guda ne, kamar ƙofar gida: duk ƴan gida su samu shiga, baƙo kuma kar ya ratsa. Ka ɗauko wani abu da ka san yana cikin ma'anar ka ga ko ta'arifin ya karɓe shi, ka ɗauko wanda ka san ba ya ciki ka ga ko ya kore shi.

4. Na ga ta'arifin wajibi iri biyu. Wanne zan sa?

Ɗaya yana cewa wajibi shi ne abin da ake ba da lada in an yi shi, a yi uƙuba in an bar shi. Haka yake a Waraƙat na Imamul Haramaini Juwaini, wanda ya rasu a shekara ta 478 bayan hijira, kuma shi ne wanda yawancinmu muka haddace tun a makarantar zaure. Ɗayan yana cewa wajibi shi ne abin da mai shari'a ya nemi a aikata, nema na tilas. Na farkon yana faɗin sakamakon wajibi, na biyun yana faɗin abin da wajibi yake.

A ajin jami'a ka sa na biyun a matsayin ta'arifi, na farkon ya biyo baya a matsayin hukuncinsa. Dalili kuwa, na farkon yana da kafofi. Allah yana iya yafe wa wanda ya bar wajibi, bai kuwa hana abin zama wajibi ba, shi ya sa masu lura ke rubuta "ya cancanci uƙuba" maimakon "za a yi masa uƙuba". Haka wanda bai yi azahar a farkon lokaci ba ya yi ta a tsakiya, ya bar wajibi na ɗan lokaci kuma ba shi da laifi. In malaminku ya karantar da na farkon kawai, ka kawo shi yadda ya faɗa, ka ƙara layi ɗaya na wannan gyaran.

5. Hukuncin taklifi biyar ne ko bakwai? Littattafai sun saɓa.

Akwai bakwai iri biyu, kuma ɗalibai na yawan cakuɗa su. Wajen jumhur, wato mafi yawan malamai, har da Malikawa, biyar ne: wajibi, mandubi, mubahi, makaruhi da haramun. Hanafawa sun mai da su bakwai saboda sun duba ƙarfin hujja. Abin da aka nema a kan tilas da hujja yankakkiya sun kira shi farilla, wanda hujjarsa ta zato ce sun kira shi wajibi, kamar wutiri a wurinsu. Haka suka raba hani na tilas zuwa haramun da makaruhin tahrimi, suka bar makaruhin tanzihi daban.

Bakwai ɗin Waraƙat kuma wani abu ne dabam. Biyar ɗin jumhur ne aka ƙara musu sahihi da baɗili, waɗanda littattafan baya suke kai su ɓangaren wad'i. Wanda ya ga bakwai a can ya rubuta "wannan ra'ayin Hanafawa ne" ya yi kuskure biyu, don Juwaini Bashafi'e ne.

A taƙaitawa ka gina rassan a kan mazhabar littafinku, saɓanin ya zo a layi biyu a ƙarƙashi. Ka kuma ajiye wannan togiya: Malikawa suna ɗaukar farilla da wajibi abu ɗaya, sai a babin hajji, inda barin wajibi ake gyara shi da yanka, barin rukuni kuwa ba ya gyaruwa da haka.

6. Wajibi kashi nawa ne? Na ƙirga na samu takwas.

Ba kashi takwas ba ne. Kasawa huɗu ce, kowacce ta duba fuska guda, kowacce kuma ta ba da kashi biyu. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a takardun ɗalibai: a jera aini, kifaya, muwassa'i, mu'ayyani da sauransu a layi ɗaya kamar abokan juna ne.

In an duba wanda aka ɗora wa aikin, wajibi ko dai na aini ne, kamar salloli biyar, ko na kifaya, kamar sallar jana'iza, wadda in wasu suka yi ta faɗi a kan saura. In an duba lokaci, akwai wanda ba a yanka masa lokaci ba da wanda aka yanka masa, shi kuma na biyun ya sake rabuwa: mai yalwa kamar azahar, da lokacinta ke ɗaukar ta ya ɗauki wata sallar, da mai ƙunci kamar azumin Ramalana, da yininsa ba ya ɗaukar wani azumi. In an duba abin da aka nema, akwai ayyananne da wanda aka ba da zaɓi cikinsa. In an duba gwargwado, akwai mai iyaka kamar raka'o'in salla, da marar iyaka kamar taimakon wanda yunwa ta kama.

Hanyar gane cewa ka fahimta ita ce ka ɗauki ibada guda ka bi da ita ta duk fuskokin. Azahar wajibi ce ta aini, mai lokaci mai yalwa, ayyananniya, mai iyaka. Ta shiga gida huɗu a lokaci guda, abin da ba zai yiwu ba da kashe-kashen na kasawa ɗaya ne. Saboda haka kar ka rubuta "ya kasu biyu" sai ka riga ka rubuta "ta fuskar kaza".

7. Yaya zan bambanta taklifi da wad'i cikin layi kaɗan?

Aya ɗaya ta ishe ka, ta 78 a Suratul Isra'i, inda aka yi umarni da tsai da salla don gushewar rana. Umarnin yin sallar taklifi ne. Mai da gushewar rana ta zama alamar wajabcin sallar kuwa, wad'i ne. Daga nan bambancin ya fito: taklifi yana neman aiki ko bari ko ya ba da zaɓi, kuma ba ya hawa sai kan abin da mutum zai iya. Wad'i ba ya neman komai, ƙulla abu da abu kawai yake yi, kuma yana iya zama abin da ba ya hannun kowa, don ba wanda aka ce ya karkatar da rana. Haka kuma wad'i yana shafar wanda ba mukallafi ba. Yaro in ya fasa kayan mutane ba shi da zunubi, amma biya ya hau dukiyarsa, domin ɓarnar sababi ce ta lamuni.

8. Sababi, sharaɗi da mani'i suna rikita ni. Akwai misali guda da ya haɗa su?

Akwai, zakkar kuɗi. Amma fara da ma'anonin kamar yadda Ƙarafi, malamin Malikawa da ya rasu a 684 bayan hijira, ya tsara su. Sababi in ya samu hukunci ya samu, in babu shi babu hukunci. Sharaɗi in babu shi babu hukunci, amma samuwarsa ba ta tilasta komai. Mani'i in ya samu babu hukunci, rashinsa kuwa ba ya tilasta komai. Kowanne an rufe shi da ƙaidin "don zatinsa". A zakka, mallakar nisabi sababi ne, cikar shekara sharaɗi, bashi mani'i.

Ɗauki wani mutum a Birni da ya ajiye tsabar kuɗi da suka kai ƙimar dinari 60. Nisabi dinari 20 ne, don haka sababi ya samu. In wata takwas kawai kuɗin suka yi a hannunsa, babu zakka tukuna, sharaɗi bai cika ba. Shekara ta cika, ba a bin sa komai, zai fitar da ɗaya bisa arba'in, dinari ɗaya da rabi. In ana bin sa dinari 20 kuma ba shi da wata kadara da za ta tsaya a madadin bashin, sai a cire 20, saura 40, zakkarsa dinari ɗaya. In bashin 45 ne, saura 15, ya gaza nisabi, babu zakka ko da shekara ta cika. Maƙwabcinsa kuma da ya shekara da dinari 10 ba bashi a kansa, sharaɗi ya samu, mani'i babu, amma ba zai ba da komai ba don sababi bai samu ba. Wannan na ƙarshen shi ne ke nuna cewa samuwar sharaɗi da rashin mani'i ba sa wajabta komai da kansu.

A nan ne amfanin "don zatinsa" ke bayyana. Mai bashin 45 yana riƙe da nisabi amma zakka ba ta hau shi ba. Ba don ƙaidin ba, sai a ce ta'arifin sababi ya rushe. Ƙaidin yana cewa nisabi a karan kansa yana wajabtawa, abin da ya hana daga waje ya zo. Ɗalibai da yawa suna yar da shi don gajarta ta'arifi, ga shi kuwa kalma biyu ne kacal.

9. Zan iya sauya misalin littafi da namu na gida?

Za ka iya, kuma yana nuna fahimta, amma da sharaɗin ka duba hukuncin misalin a littafin fiƙihu kafin ka sa shi. Ga inda ake zamewa. Ɗalibi ya ga misalin zakka na tambaya ta 8, sai ya ce bari ya mai da shi na manomin hatsi a Magarya. Nan take misalin ya karye ta wuri biyu. Zakkar amfanin gona ba ta jiran shekara, lokacin girbi ake fitar da ita in ya kai wusuƙi biyar, ɗaya bisa goma ga noman damina. Sannan a mazhabar Malik bashi ba ya kayar da zakkar hatsi ko ta dabbobi, ta zinariya da azurfa da kuɗi kawai yake kayarwa. Sharaɗin da mani'in duka sun tafi, sababi kaɗai ya rage.

Wanda ke tafiya lafiya shi ne irin misalin ƙasaru. Tafiyar da Malikawa suka yarda a yi ƙasaru cikinta ita ce baridi huɗu, mil arba'in da takwas. Mai zuwa Mirya daga Damagaram bai kai ba, mai zuwa Tanut ya wuce. Wurin ne kawai ka sauya, hukuncin yana nan yadda yake.

10. Misali nawa ya kamata kowane kashi ya samu?

Ɗaya mai ƙarfi, sai in kashin yana da maƙwabci da ake rikita su, to ka ƙara na biyu wanda ke nuna iyaka. Sharaɗi da rukuni misali: dukansu in babu su babu salla, amma alwala tana wajen salla, ruku'u yana cikinta. Layi guda ya raba su.

Ka kuma kula da misalin da rabinsa kawai ya dace. Kaffarar rantsuwa a aya ta 89 ta Suratul Ma'ida ita ce misalin wajibi mai zaɓi a kusan kowane littafi. Zaɓin tsakanin abu uku ne: ciyar da miskinai goma, tufatar da su, ko ƴanta bawa. Azumin kwana uku ba na huɗu ba ne, sai wanda ya kasa ukun nan yake komawa gare shi. Wanda ya rubuta "zaɓi huɗu" ya ɓata misalin, ya kuma ba da fatawar kuskure ga duk wanda ya ari takardarsa.

11. Duk inda na ga umarni a aya, misalin wajibi ne?

Ba kullum ba. Asalin umarni wajabci ne wajen jumhur, sai in wata alama ta karkatar da shi. Umarnin rubuta bashi a aya ta 282 ta Suratul Baƙara jumhur sun ɗauke shi a kan mandubi. Umarnin yin farauta bayan fita daga harami, a aya ta 2 ta Suratul Ma'ida, halatta ne kawai, don ya zo bayan hani. In ka sa ɗaya daga cikinsu ƙarƙashin wajibi don ka ga siffar umarni, mai gyara zai gane ba ka duba ba. Cikakken bayanin wannan yana babin umarni da hani, don haka a nan ka tsaya ga zaɓen ayar da ba a yi saɓani kan wajabcinta ba, kamar ta salla ko ta azumi.

12. Ina zan ajiye sahihi da baɗili, da azima da rukhsa?

Inda littafinku ya ajiye su. Yawancin littattafan jami'a suna sa su ƙarƙashin wad'i, wasu malamai kuma suna kai azima, wato hukuncin asali, da rukhsa, wato sauƙin da aka yi saboda uzuri, ɓangaren taklifi. Ba aikinka ba ne ka raba gardamar a shafi uku, ka dai ambaci cewa an saɓa. Abin da ba a bari shi ne bambancin baɗili da fasidi: jumhur na ɗaukar su abu ɗaya, Hanafawa na raba su a mu'amala, inda fasidi shi ne cinikin da asalinsa ya halatta amma wata siffa ta ɓata shi.

Ga rukhsa kuma ka nuna cewa ba kullum take zama zaɓi ba. Cin mushe ga wanda yunwa za ta kashe wajibi ne, ƙasaru kuwa sunna ce mai ƙarfi wajen Malikawa. Wannan ya mai da kai tambaya ta 5, domin rukhsa da kanta tana ɗaukar hukuncin taklifi.

13. An ba mu aikin a rukuni, za mu gabatar a gaban aji. Yaya za mu raba?

Kar ku raba da shafi, wane ya ɗauki goma na farko, wance ta ɗauki goma na biyu. Ku zana rassan tare tukuna, sannan ku raba da reshe: ɗaya ta'arifin hukunci da bambancin taklifi da wad'i, ɗaya wajibi da fuskokinsa huɗu, ɗaya sauran hukunce-hukuncen taklifi, ɗaya sababi da sharaɗi da mani'i. Mutum guda ya haɗa rubutun a ƙarshe, don kar kalma ɗaya ta fito da suna biyu, a nan mandubi, a can mustahabbi, ba tare da bayani ba. In minti goma sha biyar aka ba ku, zanen rassan ya hau allo kafin a fara magana, kuma misalin zakka ya samu kusan minti biyar shi kaɗai, don a nan tambayoyin malam suke yawan sauka.

14. Ta yaya zan san taƙaitawar ta yi kafin in miƙa?

Ba wa wani ɗan ajinku da bai karanta babin ba takardar, ya karanta sau ɗaya, sannan ka jefa masa abubuwa biyar da ba sa cikinta ya faɗi inda kowanne ya faɗa. Misali: ganin jinjirin watan Ramalana, haila ga mai salla, shaidu a aure, kisan ganganci ga magaji, da koyon wankan gawa. Amsar ita ce sababi, mani'i, sharaɗi, mani'i, sai wajibin kifaya. In ya samu huɗu, takardar ta tsaya. In ya rikita sharaɗi da sababi, koma ka duba ko ka rubuta rabin ta'arifin sharaɗi ne kawai, ka bar yankin da ke cewa samuwarsa ba ta tilasta komai. In ya ce wankan gawa ba ya cikin kowane kashi, to fuskar "wanda aka ɗora wa aikin" ce ta ɓace daga zanenka, sai ka koma tambaya ta 6 ka mai da ita.